Tayoyin da Muka Tara Saboda Kwazazzabo

Gidanmu shi ne kusan na ƙarshe a unguwarmu, can gefen Funtua ta hanyar Bakori. Daga bayan katangarmu sai gonakin masara, amma tsakanin katangar da gonakin akwai wani kwazazzabo da ruwa ya haƙa. Lokacin da muke yara tsallake shi muke yi da ƙafa ɗaya. Sa'ad da mijina ya rasu na dawo gida wajen Inna, ramin ya isa ya haɗiye saniya a tsaye, kuma kowace damina sai ya ƙara gutsurar bakinsa ta wajenmu. A shekarar da nake ba da labarinta, abin da ya rage tsakaninsa da bangon ɗakin Inna bai fi a shimfiɗa tabarma ba.

Ni abinci nake sayarwa a tasha. Tuwo da shinkafa, amma abin da aka san ni da shi farfesun ganda ne. Direbobin da ke lodin masara zuwa Kudu sukan ajiye mota su zo su zauna a bencina saboda shi. Wani mahauci ne yake kawo min gandar tun da na fara sana'ar, a babbake, a kankare, ni sai dai in wanke in dafa. Mutum ne mai fara'a, kullum sai ya tambayi jikin Inna.

Yayana kuwa facin taya yake yi a bakin titi, ba nisa da tashar. Shi ya kawo shawarar taya. Ba mu da ƙarfin siminti da rodi, amma shi a bayan rumfarsa tsofaffin tayoyi sun yi tsibi, ga na abokan sana'arsa da suke neman wanda zai raba su da su. Ya ce ya ga an yi haka a wata gona wajen Danja: a jera taya kamar bulo, a danƙare kowace da ƙasa, sai ta zama katangar da ruwa ba ya turewa. Inna ta ce, "Da ƙazantar titi za ku tare min ɗaki?" Yaya ya ce, "Inna, ƙazantar da ba ta ruɓewa ce. Shi ya sa ta addabi gari, shi ya sa kuma za ta yi mana amfani."

Haka aka fara tarawa tun bayan girbi. Duk motar a-kori-kura da ta dawo fanko, Yaya sai ya roƙi direban ya sauke mana wasu a bayan gida. Tulin ya yi ta girma har ya kusa kai tsayin katanga. Muka tsayar cewa da bazara za a yi aikin, kafin ruwan farko.

A nan ne wani Alhaji ya shigo labarin. Bayarabe ne haifaffen Funtua, Hausarsa ta fi tawa karin magana, sana'arsa sayen tsofaffin tayoyin manyan motoci yana kaiwa Kano a sabunta su. Wata rana na dawo daga tasha na same shi a bayan gidanmu shi da Yaya, yana mirgina tayoyin ɗaya bayan ɗaya, yana leƙa cikinsu, yana shafa gefensu da hannu, yana ƙwanƙwasawa da ƙaramar guduma. Wasu ya sa musu alama da alli. Ban ji daɗi ba. Da ya tafi na ce wa Yaya, "Wannan fa? Tayoyin katanga ne ko na kasuwa?"

Yaya ya ce kaɗan ne Alhaji zai ɗauka, waɗanda gangar jikinsu take da sauran rai, ya musanya mana da matattu ninki biyu. Ya ce zunubi ne a binne tayar da za ta iya sake hawa titi. Na ce to. Amma raina bai kwanta ba, don na daɗe a tasha, na san abin da ake yi da tsohuwar taya. Na sha ganin waɗanda ake sassaƙa wa sabon zane da wuƙa mai zafi, a shafe su da baƙin mai su yi ƙyalli, a sayar wa direban da ba shi da ido. Ɗaya daga cikin masu cin abincina irinta ce ta fashe masa da lodi a gangaren hanya, har yau yana ɗingishi. A zuciyata na sa Alhaji a wannan layin.

Ba a daɗe ba na lura tulin yana raguwa. Ba wai da yawa a lokaci guda ba. Yau in ga gefen da ya kai min kafaɗa ya dawo ƙugu, in ce ko zamewa suka yi. Bayan kwana biyu in ga wani gefen ya yi rami. Kuma ƙananan ne suke ɓacewa, na ƙananan motoci da na babur mai ƙafa uku, waɗanda mutum ɗaya zai iya ɗauka. Ni tun hantsi nake barin gida sai la'asar, Inna kuma ba ta leƙa baya. Na tambayi Yaya, ya ce shi bai aiko kowa ba. Na ce, "Abokinka fa?" Ya ce, "Ke dai ba kya son mutumin nan." Na ce, "Wanda ya ga hanyar rumbu ai ba ya buƙatar ɗan jagora karo na biyu."

A daidai wannan lokacin ne tarin Inna ya tashi. Dama tana da fuka tun muna yara, amma ta daɗe ba ta motsa mata ba. Sai ga shi ina dawowa ina samun ta a zaune a bakin ƙofa tana jan numfashi, ƙirjinta yana kuka kamar an matse mage. Ta ce da rana wani wari yake shigowa ta taga, kamar an ƙona takalmi. Na duba farin mayafinta da na shanya a igiya, na ga ɗigo-ɗigon baƙi a jikinsa, na murza da yatsa sai ya shafe kamar man shanu. Ruwan randar da muka bari a buɗe ma akwai wani baƙin abu yana yawo a samansa.

Maƙwabta su ma sun ji warin, kuma su sun riga sun yanke hukunci. Matar gidan da ke kusa da mu ta shigo ko sallamar kirki ba ta yi ba, ta ce jaririnta idanunsa sun yi ja, ta ce kowa ya san wa ya tara taya a unguwar nan. Wai Yaya ne yake ƙona su a cikin kwazazzabo yana cire wayar ciki yana sayar wa 'yan gwangwan. Na rantse mata ba haka ba ne. Amma bayan fitarta na zauna ina tunani, don ana yin hakan, kuma Yaya yana da iyali da yawa. Na tsinci kaina ina zargin mutum biyu a lokaci guda, ɗayansu uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya.

Na kai Inna asibiti. Malamar da ta duba ta, bayan ta sa mata abin shaƙa numfashin ya daidaita, ta tambaye ni ko ana ƙona shara kusa da mu. Na ce ina jin taya ce. Sai ta ajiye biro. Ta ce hayaƙin taya ba irin na itace ba ne. Taya ba roba ce zalla ba, akwai mai a cikinta, da farar wuta, da ƙarafa, da magunguna iri-iri da aka haɗa don ta jure titi. In ta kama wuta a fili ba ta cinyewa tas, sai ta saki wannan baƙin ƙurar mai laushi da ke wucewa har can ƙasan huhu, inda tari ba ya iya fito da ita. Ta ce mai fuka da jariri da tsoho su ne suke fara faɗuwa, amma mai lafiyar ma da yake shaƙa kullum yana tara wa kansa ciwon ƙirji da na zuciya, kuma a cikin hayaƙin akwai abubuwan da aka san suna jawo ciwon daji. Ta ce, "Maganin nan zai taimaka mata, Hajiya, amma in hayaƙin bai tsaya ba za ku dawo."

Washegari ban ɗora tukunya ba. Na tafi shagon Alhaji kai tsaye, da niyyar in ga tayoyinmu da idona. Na same shi yana karin kumallo. Na gaishe shi a daƙile na ce, "Alhaji, tayoyinmu suna tafiya da ƙafarsu, na zo in ga ko nan suka yo."

Bai yi fushi ba, ko kuma ya ɓoye. Ya tashi ya ce in biyo shi. A bayan shagon ga waɗanda ya ɗauko daga gidanmu, da allinsu a jiki, duka na manyan motoci ne. Ya ce, "Hajiya, ƙanana ne suke ɓace muku, ko? To me zan yi da su? Wa zai biya kuɗin sabunta tayar ƙaramar mota?" Ya mirgino wata da ta dawo daga Kano ya nuna min. Ya ce a can sai an bincike gangar jikin tukuna, in wayar ciki ta yi tsatsa ko ta rabu da robar, ko gefen ya tsage, a jefar. Wadda ta tsira a kankare sauran tsohon zanen da inji, a toshe ƙananan huji, a shimfiɗa ɗanyar roba mai ɗanko, a naɗa sabon bayan taya mai zanensa a kai, sannan a sa a tukunyar zafi a matse har su zama jiki ɗaya. Ya sa na taɓa inda sabon ya haɗu da tsohon. Sannan ya jawo wata daga lungu ya ce, "Wannan ita kike tsoro. Wani ya kawo min in saya na ƙi. Dubi cikin zanen." Na duba, a ƙasan ramin da aka sassaƙa ana hango zaren waya. Ya ce, "Waccan an ƙara mata nama, wannan an yanke mata ɗan wanda ya rage."

Na ga bambancin. Ban ce masa ya yi haƙuri ba, don a raina ina cewa ai mai wayo abin da yake so ka gani shi yake nuna maka. Da zan tafi ya ce, "In kina neman ƙananan tayoyi a garin nan, kada ki nemi mai sayarwa. Ki nemi mai hura wuta."

Na koma gida na zauna a bayan katanga, a inuwar tulin, abin da ban taɓa yi da rana ba. Wajen azahar hayaƙin ya taso. Ba daga bayan gidanmu ba ne, daga can ƙasa ne inda ramin ya lanƙwasa ya bi bayan wata gonar rake. Baƙi ƙirin, mai kauri, yana tashi a murɗe, iska tana kwanto shi ta cikin ramin kamar an yi masa hanya har tagar Inna. Na ɗaura mayafi a ƙugu na bi gefen ramin.

Tun kafin in isa idona ya fara ruwa, maƙogwarona yana ɗaci. Da na zagaya lanƙwasar sai na gan su. Maza ne majiya ƙarfi, ba riga, jikinsu ya yi baƙi har ba a gane fuska. Sun jera tayoyi suna ci da wuta, sun ɗora ragar ƙarfe a kai, a kan ragar kuma fatun shanu ne da kawuna da ƙafafu, suna juyawa da dogon ƙarfe. Ƙasan wurin ya jiƙe da wani baƙin mai da ke tsatsowa daga tayoyin yana gangarawa cikin ramin, ramin da in an yi ruwa yake kaiwa fadamar da ake noman tumatir. Gefe guda tarin toka ne da murɗaɗɗiyar waya. Ga kurar tura kaya a ajiye da sauran tayoyin da ba a ƙona ba, kuma na gane su, don akwai wadda Yaya ya yi wa faci da jar roba.

A bakin wani kwatami, yana tsugune yana kankare fata, sai ga mahaucina.

Ya ɗago ya gan ni, ya miƙe yana goge hannu. "Hajiya! Lafiya? Yaya jikin Inna?"

Na kalli fatar da ke hannunsa, mai launin ƙasa-ƙasa mai kyau, irin wadda nake yaba masa kullum. Na ce, "Malam, wannan ita ce gandar da kake kawo min?"

Ya ce ita ce. Ya ce an hana su yi a kusa da mayanka shi ya sa suka dawo nan, itace ya yi tsada, taya kuwa ɗaya tana babbake abin da dami guda ba zai yi ba, kuma wutarta ba ta mutuwa. Ya ce ai ana kankarewa a wanke tas. Yana maganar yana tari, ya juya ya tofar, abin da ya tofar baƙi ne.

Na ce, "Tayoyin fa? Wa ya ba ka?"

Ya ce, "Yayanki mana. Shi ya ce in ina buƙata in ɗiba."

Na dawo gida. Abin da ya fi tsaya min ba satar ba ce. Shekara da shekaru ina jin wani ɗan ɗaci-ɗaci a ruwan farko na gandar, ina zubarwa in sake wani, ina cewa ƙaurin wuta ne. Daga baya da na koma asibiti karɓo maganin Inna na tambayi malamar, ta ce fata tana shan abin da ke cikin hayaƙin, wanki da kankara suna rage na sama ne kawai. Mutanen da suka amince da hannuna na tuna, har da mai ɗingishin nan.

Da yamma Yaya ya zo na tare shi a zaure. Ya ce, "Ni? Wallahi bara ne, tun kafin mu fara tarawa, ya ce yana son guda biyu zai yanka ya yi wa dabbobinsa abin shan ruwa. Na ce ya ɗiba a bayan rumfa. A rumfa na ce, ba a gida ba." Na ce, "To wa ya nuna masa gida?" Ya ce duk garin nan wa bai ga tulin ba. Na ce, "Kai da kake bakin titi, kura tana wucewa da tayoyinka, ba ka taɓa gani ba?" Ya ɗaga murya ya ce ko so nake in ce ya sayar da numfashin uwarsa. Inna ta yi gyaran murya daga ɗaki, muka yi shiru. Na san matar Yaya tana samun kai da ƙafa daga wajen mahaucin nan lokaci-lokaci, ba ta saya ba. Ban faɗa ba. Mahauta suna yi wa mutane da yawa irin wannan alherin.

Maganar ta je gaban mai unguwa. Maƙwabciyar da ta zarge mu ita ce ta fi kowa ɗaga murya, ba ta kuma dawo ta ce min komai ba. Aka ce masu babbaka su tashi daga ramin. Ranar da suka tashi sun bar wuta tana ci, wani ya kwara mata ruwa sai baƙin man ya bi ruwan yana yaɗuwa, hayaƙin ya ƙaru. Sai da aka yi ta zuba ƙasa da shebur kafin ta mutu, kuma har kwana biyu wurin yana hucin zafi.

Mu kuma muka fara gini ba tare da jiran komai ba, don kowace taya da ke zube a fili ina ganin ta kamar itacen wani. Alhaji ya cika alkawari, ya aiko matattun tayoyin manyan motoci, su aka sa a ƙasa. Aka haƙa gindin ramin aka daidaita shi, aka jera sahun farko. A cikin kowace taya a shimfiɗa tsohon buhu don kada ƙasa ta zube, a zuba marmara, a yi ta dukanta da guduma ta cikin gefe-gefe har tayar ta kumbura ta yi tauri, mutum ya hau ba ta motsa ba. Yaya ya ce in aka bar rami a ciki ruwa zai kwanta, mu yi kiwon sauro da hannunmu. Sahu na biyu ya hau kan mahaɗar na farko, an ɗan ja shi baya ya jingina da gaɓar ramin, aka ɗaure su da igiyar roba. A bayansu aka zuba tsakuwa don ruwa ya sami hanyar tsiyayewa. Aiki ne mai cin ƙarfi, taya guda tana shanye ƙasa fiye da yadda ido zai ɗauka. Yaya ya rufe rumfarsa ya yi ta dukan ƙasa har tafin hannunsa ya fashe. Ina kawo masa kunu ina kallonsa, wani lokaci in ce wannan ba aikin mai laifi ba ne, wani lokaci in ce ko shi ne ma aikin mai laifi.

Saboda waɗanda aka ƙona, tayoyin ba su kai ƙarshen bangon ba. Da ruwa ya sauka katangar ta tsaya, ɗakin Inna ya tsira, amma ta gefen da ba mu kai ba ruwan ya zagaya ya cinye mana kusurwar makewayi. Muka shuka ciyawar jema a saman tayoyin, zuwa tsakiyar damina ta rufe su. Tarin Inna ya lafa, ko da yake abin shaƙar bai sake barin ƙarƙashin matashinta ba.

Na daina karɓar ganda a wajen mahaucin. Ɗanyar fata nake saye in zuba mata tafasasshen ruwa in kankare gashin da kaina, ta fito fara. Wasu direbobin suka ce ba ta da ƙamshin da, suka koma wani benci. Mahaucin yana gaishe ni in mun haɗu. Na ji an ce sun koma wani rami can wajen hanyar Mahuta, kusa da gidajen wasu.

Bayan girbi Yaya ya zo da a-kori-kura cike da tayoyi, don mu ƙarasa gefen da ya rage. Direban ya nufi bayan gida zai sauke. Na fito na ce a'a, a shigo da su tsakar gida, a jera a rumfar awaki inda ruwa ba ya taɓawa. Yaya ya ce, "Tsakar gida? Ina za ki shanya kaya?" Na ce zan samu wuri. Ya tsaya yana dubana, ni ma ina dubansa. Sannan ya sunkuya ya ɗauki ta farko ya mirgina ta cikin zaure.